Shef ya ba ni aiki babu cikakken bayani, yaya zan yi?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Shef ɗinmu ya ce in haɗa kasafin kuɗin taron horaswa da za mu yi a Tahoua, yana so kafin Alhamis. Bai faɗi yawan mutane ba, bai faɗi kwanaki ba, kuma ya yi tafiya. In jira shi ko in yi da ka?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin a biro nan Yamai, kuma irin wannan ta taɓa cizona, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba.

Kada ki jira, kada kuma ki yi da ka gaba ɗaya. Ɗauki takarda ki rubuta duk abin da ba ki sani ba, sannan ki tambayi kanki a kan kowanne: in na yi kuskure a nan, nawa jimillar za ta motsa? Za ki ga yawancinsu ba su da nauyi. Kuɗin hayar zaure, majigi, alƙaluma da takardu, duk za ki iya ɗaukowa daga fakitocin taron da ya wuce, ko kin yi kuskure kaɗan ne. Abin da ke juya kasafi uku ne: mutum nawa, kwana nawa, kuma nawa daga cikinsu za su zo daga wajen gari.

Na ukun nan shi ne ya kayar da ni. An ce mini mutum 30, kwana 3, sai na ɗauka duka mazauna garin Tahoua ne, ban tambaya ba. Na sa abinci jika 5 ga kowa a rana, ya tashi sefa 450,000, na miƙa. Ashe mutum 18 daga Abalak da Keita da Madaoua za su taso. Wanda ya zo daga nesa ana gobe taro yake sauka, kuma in an tashi da la'asar a ranar ƙarshe sai ya sake kwana, dare 4 ke nan. A lissafinmu na lokacin, masauki da kuɗin guzuri jika 15 ne a dare. 18 sau 4 sau 15,000 ya ba da 1,080,000, ban da kuɗin mota. Abin da ban tambaya ba ya ninka kuɗin abincin duka sau biyu har da ƙari. Ina tsaye a bakin zaure da ambulan a hannu, wani dattijo daga Keita yana jiran kuɗin komawa gida, ni kuwa ba ni da abin ba shi. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a zuciyata.

To ki tura wa shef saƙo ɗaya a rubuce, kada ki yi ta kiransa kowace tambaya da nata kiran. Kuma ki tsara shi yadda zai iya amsawa da "to" ko da yana cikin mota:

"Ranka ya daɗe, ina kan kasafin Tahoua. Zan yi lissafi da mutum 30, kwana 3, rabinsu daga wajen gari, kamar taron bara. In ba haka ba ne a gyara mini kafin Talata da yamma."

In kin ce masa "ina buƙatar ƙarin bayani" kawai, zai ajiye sai ya dawo. In kin sa masa adadi a gaba, da ya ga ba daidai ba zai gyara nan take. Kafin ma ki tura, leƙa wurin sakatariya ko wanda ke rubuta takardun gayyata, sau da yawa jerin sunayen yana hannunsu.

Kina jiran amsa kina aiki. A Excel ki ware wa waɗannan adadi uku gida ɗai-ɗai a sama, sauran layuka su riƙa ɗauka daga can, misali in yawan mutane yana B2, kwanaki suna B3, `=B2*B3*5000` don abinci. Ranar da amsa ta zo, lamba uku za ki canza, komai ya daidaita. Kada ki manta da ku masu tasowa daga Yamai: hanyar Dosso, Dogonduci da Konni ta haura kilomita 500, yini guda zuwa, yini guda dawowa, da mai da kuɗin direba.

In Alhamis ta yi bai amsa ba, ki miƙa, amma ki rubuta a saman shafin farko da manyan baƙaƙe cewa an gina shi a kan mutum 30 da kwana 3 da ba a tabbatar ba. Iyakar inda za ki tsaya ita ce wurin kuɗi: kada ki biya kafin alƙalami na zaure ko masauki, kada ki sa a fitar da ko dala daga asusu a kan zato, sai ya ce "to" a rubuce.