Word Ya Ƙi Fitar Min Da Jerin Abubuwan Da Ke Ciki

Tambaya: Malam, rahotona ya kai shafi 80. Na danna Table of Contents a Word, sai ya rubuto min "No table of contents entries found." Ga lambar shafi ta fito a kan bango, kuma ban san yadda zan jera gajertattun kalmomi ba.

Amsa: Malama, ina kyautata zaton da hannu kika ƙara wa kanun babobinki girma da kauri. A idonki kanu ne, amma a wurin Word rubutu ne kamar sauran. Abin da yake nema shi ne salon Heading. Ɗora alamar rubutu a kan kanun kowane babi ki danna Ctrl+Alt+1, wato Heading 1, ƙananan kanu irin su 2.1 kuma Ctrl+Alt+2. Idan launi ko girman bai yi miki ba, kada ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Danna dama a kan Heading 1 a cikin Styles, zaɓi Modify, ki gyara sau ɗaya, duka za su bi.

Kafin ki ci gaba, buɗe View > Navigation Pane. Duk kanun da ba ki gani a nan ba, to ba zai fito a jerin ba. Idan kuma kika ga sakin layi sukutum ya shigo, galibi an raba shi da kanunsa da Shift+Enter ne, don haka Word ya ɗauke su abu guda. Raba su da Enter, ki mayar da sakin layin Normal da Ctrl+Shift+N. Daga nan sai References > Table of Contents > Automatic Table 1.

Sunan rahoton da ke bango ki ba shi salon Title, don Heading 1 zai jefa shi cikin jerin. A ƙarshen bangon ki sa Layout > Breaks > Next Page. Danna sau biyu a ƙasan shafi na biyu inda lambar take, kashe Link to Previous, sannan ki koma ki goge lambar bango. Wanda ya goge kafin ya kashe, lambobin rahoton gaba ɗaya ke tafiya, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Su kuwa gajertattun kalmomi, ni tebur mai ginshiƙi biyu nake yi: gajertacciyar kalmar, kamar WHO, a hagu, cikakken sunan a dama. Ki jera su bisa harufa da Sort, ki ɓoye layukan da No Border. Kanun wannan shafin ma Heading 1 ne, don ya fito a jerin.

Jerin ba ya sabunta kansa yayin da kike rubutu. Duk lokacin da kika ƙara babi ko kika sauya kanu, danna cikinsa, danna F9, ki zaɓi Update entire table. Kada ki yi gyara da hannu a cikinsa, sabuntawa ta gaba za ta share shi.