Minti uku gaban masu jari: ta ina zan fara?

"Ina da manhaja da ke haɗa masu tumatir na Akomadan da 'yan kasuwar Kejetia. An ba ni minti uku in nemi jari a Accra. Ta ina zan fara?"

Ɗan'uwa, fara da labarin 'yar kasuwa guda ɗaya da ta rasa kwando don mota ta makara, tumatir ya ruɓe. Sakan talatin sun isa. Kada ka ɓata lokaci kan tarihinka.

Daga nan ka zauna a kan lambobi, nan ne kuɗin yake. Yawan waɗanda suka sauke manhaja ba ya burge mai jari. Abin da yake so ya ji shi ne mutum nawa suka biya ta MoMo, kuma nawa suka dawo. Misali, in 40 suka saya a watan farko, 28 suka sake saya a na biyu, ka ce kashi 70 cikin ɗari sun dawo. Amma ka shirya, za a tambaye ka ko lokacin tsadar tumatir ne. In cinikin na yanayi ne, faɗi da bakinka.

A ƙarshe ka ambaci adadin jarin, da sidi ko dala, da watannin da zai ɗauke ka.