Dafa-dukan suna na mutum ɗari: yaya zan yi kar ta caɓe?

Tambaya: Hajiya, ranar Asabar ne sunan ƙanwata, kuma ni aka ɗora wa dafa-duka ta mutum kusan 100. Ta gida tana yi min wara-wara, amma ban taɓa wuce mudu ɗaya ba. Ina tsoron ta caɓe ko ta yi ƙauri in ji kunya gaban surukai. An ce in dafa tun daren Juma'a in zuba a kula.

Amsa: Allah ya raya, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, amma fara da cire lissafin ninkawa daga ranki. Shinkafa ana ninka ta, kayan miya ana ninka su, ruwa ne ba ya bin wannan lissafin. Ruwan da kike zubawa a ƙaramar tukunya kashi biyu ne: wanda shinkafa ke sha da wanda ke tashi a tururi. Idan shinkafa ta ninku sau goma, abin da take sha ya ninku sau goma, amma bakin tukunya bai yi faɗi sau goma ba, don haka tururin da ke fita bai ƙaru haka ba. Ragowar ruwan nan shi ke zama a gindi ya mayar miki da ita tuwo.

Ga mutum 100, kwano biyar irin na Kano zai wadatar idan da nama da ɗan salak. Raba shi tukunya biyu masu faɗi, kwano biyu da rabi kowacce, domin idan kika tula duka wuri ɗaya nauyin ta sama zai danne ta ƙasa ta dame alhali ta saman tana ɗanya. Kowace tukunya ki ba ta ruwa kamar kwano uku, da kwanon da kika auna shinkafar, kuma romon nama da soyayyen kayan miya duk suna cikin ukun nan. Sai ki ajiye tafasasshen ruwa a gefe, don ƙari yana da sauƙi, ragewa kuwa babu hanya. Wannan awon na shinkafar da aka turara tun a masana'anta ne. Ki wanke ta har ruwan ya washe, ki tsane a kwando, ba sai kin yi mata rabin dahuwa ba.

Tumatir da tattasai da attaruhu ki soya su har mai ya taso sama, tsamin ya mutu. Ruwa ya tafasa sosai kafin shinkafa ta shiga, kuma ki ɗanɗana: gishiri ya ɗan fi yadda kike so, shinkafa za ta janye. Da kin ga ruwan ya sauka daidai da fuskar shinkafa, ƙananan ramuka sun fito suna huci, janye itacen gaba ɗaya ki bar garwashi. Juya sau ɗaya daga gefe, ki rufe ruf, ki ba ta kamar minti talatin. Masu taya aiki da ke zuwa kowacce da muciyarta tana buɗe murfi, ki sallame su su je yankan albasa. Idan kin murza ƙwaya kin ji tsakiyarta da tauri, yayyafa ruwan zafin nan kaɗan ki sake rufewa. In ta kama a gindi, kwashe ta sama kawai, kar ki kankaro ƙanzon.

Maganar dafawa tun dare kuwa, wannan ce ta fi tayar min da hankali, kuma kusan kowane gidan biki sai na ji ta. Kar ki yi. Caɓaɓɓiyar shinkafa kunya ce ta yini ɗaya, wadda ta kwana a kula kuwa tana iya kwantar da mutane. Akwai ƙwayar cuta da ke zuwa a jikin ɗanyar shinkafa wadda tafasa ba ta kashe ƙwanta. Idan abinci ya sauka daga zafi sosai ya koma ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta hayayyafa ta zuba guba, kuma kula da ta kwana daidai wannan ɗumin take riƙewa. Ɗumamen safe ba ya karya gubar. Sau da yawa babu wari, babu yauƙi, sai dai bayan 'yan sa'o'i yara da tsofaffi su fara amai. Daga nan a ce sammu ne, ko maita, ko wata ce ta yi barbaɗe, a ɓata zumunci a banza, alhali kular tana nan a tsakar gida ba wanda ya tuhume ta. Masu cewa “haka muke yi tun iyayenmu ba abin da ya same mu” ba sa bin baƙi gidajensu su ga yadda suka kwana. Ga mai jego a cikin masu ci.

Abin da za ki yi da dare shi ne gyaran kayan miya, tsince shinkafa, da soya nama a sa a firji. Hura wuta bayan sallar asuba, zuwa hantsi kin sauke. Zuba a kula da zafinta, a raba a cinye da rana, abin da ya saura kuma a baza a faranti ya huce da wuri a sa a firji, ko a rabar wa maƙwabta tun yana da zafi.