Ta riga kowa taɓa bango, amma babu sunanta

"Malam, ƴata mai shekara 10 ta shiga gasar iyo karon farko. Da idona na ga ta riga kowa taɓa bango, amma da aka zo kiran waɗanda suka ci, babu sunanta. Mai koya musu ya yi ta ce mini seri, kulwar, kurono, ni dai na gyaɗa kai. An cuce ta ne? In sayi agogon awon lokaci?" Wata uwa daga Birni, Damagaram

Hajiya, kwantar da hankalinki, da wuya a ce an cuce ta. Kulwar shi ne layin da igiyoyi suka keɓe wa kowane yaro cikin pisin, galibi guda 8. In yara 24 suka shiga tseren mita 50, ruwan ba ya ɗaukarsu a tashi ɗaya, sai a kasa su kashi uku. Kowane kashi shi ne seri. Ba a ba da lamba seri-seri. Lokutan duka 24 ɗin ake jerawa, a ɗauki uku mafi ƙanƙanta. Kuma bisa al'ada sabbin shiga ake sawa a serin farko, gwanaye a na ƙarshe. Mu ce ɗiyarki ta yi 52.40, wato daƙiƙa 52 da ɗigo 40. Yarinyar da ta zo ta biyar a seri na uku da 44.10 tana gabanta nesa. Wannan lokacin shi ne kurono.

Abu ɗaya dai ki duba a takardar sakamako: in an rubuta DSQ gaban sunanta, an soke tserenta ne saboda kuskure. Nan salon iyon ya shigo. Krol, mai wurga hannu ɗaya bayan ɗaya, da do, na rigingine, ana iya ƙare su da hannu guda. Bras, iyon kwaɗo, da papiyon, mai ɗaga hannu biyu tare, dole hannu biyu su taɓa bango lokaci ɗaya. Yaran da suka koyi iyo a tabki da damina, inda ba bango ba alƙali, nan suke yawan faɗawa.

Agogo kam, kada ki ɓata kuɗinki. Salularki tana da shi, kuma na alƙalai kaɗai ake lissafi da shi. Sayi ƙaramin littafi, ki rubuta ranar, salon, nisan da lokacin. Mafi ƙanƙantan lokacin da ta taɓa yi shi ne bajintarta ta kanta, abin da mai horarwa ya fi kula da shi a wannan shekarun. Ki haɗa da tsawon pisin ɗin, domin mita 50 a na mita 25 ya fi sauri: akwai juyi a tsakiya, tana tura bango da ƙafa. Na otal kuma sau da yawa bai kai ko ɗaya ba, sai ki tambaya kafin ki rubuta.