Ninkin kariyarka goma ne a takarda, a ƙafar tanki nawa ne?

"Salam 'yan uwa injiniyoyi. Mako mai zuwa zan kare furojet ɗina, na zana hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 6 da za ta ɗauki tankin ruwa lita 5,000. Ƙafafu huɗu, ƙarfen angul 50×50×5, ninkin kariya, wato FoS, ya fito min kusan 10. Waɗanne tambayoyi zan sa rai a kai game da zaɓin da na yi da kuma kariya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya ba da sa'a. Goman nan da ka samu ita za a fara kama ka da ita, don haka bari mu fara daga can. Na san yadda ka same ta, domin ni ma haka na samu tawa lokacin da nake ajin ƙarshe. Ruwa lita 5,000 kilo 5,000 ne, ka ƙara tankin da dandamalin da yake zaune a kai, mu ce kilo 300. Ka raba wa ƙafa huɗu, kowace ta ɗauki kilo 1,325. Angul ɗinka, in ƙarfen S275 ne, sai an ɗora masa sama da tan 13 kafin naman ƙarfen ya sallama. Ka raba, goma ta fito. Lissafin bai yi ƙarya ba.

Tambayar da malamin da aka gayyato daga waje ya yi min a ranar tawa ita ce: "Goma a kan wace irin faɗuwa?" Na tsaya ina kallonsa. Sai ya ɗauki rular roba a kan tebur, ya tsayar da ita, ya danna kanta da yatsa ɗaya, ta yi ciki gefe guda kamar baka. Bai ce komai ba, ya miƙo min ita. Har yau in na ga rula sai na tuna zufar da na yi.

Dogon ƙarfe siriri ba ya jira a murƙushe shi, lanƙwashewa yake yi tun nauyi bai kai ko'ina ba. Abin da ke hukunta wannan shi ne tazarar da ke tsakanin tokara da tokara, wato inda ƙarafan giciye suka riƙe ƙafar. Lissafin Euler ne, ka san shi: P = π²EI/L². Ka lura L ɗin nan, wato tazarar tokarar, an ninka ta a kanta, kuma I ɗin da za ka ɗauka ita ce mafi ƙanƙanta a teburin angul, ta ɓangaren da ya fi rauni, kusan 4.5 cm⁴. Ɗalibai da yawa 11 suke ɗauka don ita ido ke fara gani, su yaudari kansu fiye da ninki biyu.

To ga abin da zai fito. In ka raba hasumiyar hawa uku, tokara kowane mita 2, ƙafar za ta lanƙwashe a wajen kilo 2,400. Ninkin kariyarka ya dawo 1.8. In mai walda ya ga ƙarfe ya yi tsada ya mayar da ita hawa biyu, mita 3 ke nan, abin ya faɗo kusan kilo 1,070, ƙasa da nauyin da ke kan ƙafar. Wannan hasumiya ranar da aka cika tankin za ta durƙusa, alhali takardarka na cewa goma. In kuwa hawa huɗu ne, mita ɗaya da rabi, za ka samu wajen kilo 4,270, ninki 3.2. Kuma duk wannan Euler ya ɗauka ƙarfen a miƙe yake sak, nauyin kuma a tsakiyarsa yake sauka, abin da ba ya faruwa a ƙarfen da aka sauke daga bayan mota aka yi masa walda a gefe ɗaya. Na gaskiyar ƙasa da haka yake. Saboda haka in an tambaye ka ninkin kariya, ka faɗi mafi ƙanƙanta cikin waɗanda ka lissafa, ka faɗi kuma na wace faɗuwa ne.

Daga nan tambayar zaɓi za ta biyo da kanta: me ya sa ba ka ƙara kaurin ƙarfe ba, ko me ya sa ba ka ƙara tokara ba? Kar ka ce "don ya fi ƙarfi". Ba amsa ba ce, kowa ya san babba ya fi ƙarami ƙarfi. Suna so su ji abin da ka biya da abin da ka samu. Daga mita 2 zuwa ɗaya da rabi, hawa guda na tokara ka ƙara, ƙarfin ƙafa ya kusa ninkawa. Farashinsa ƙarin yanka, ƙarin walda, da ƙarin mahaɗa, kuma kowace mahaɗa wuri ce da ruwa zai kwanta tsatsa ta fara. Babban angul kuwa yana rage aikin hannu amma yana ƙara kuɗin ƙarfe a duk tsawon ƙafa huɗu. Ka je kasuwa ka tambayo farashin tsayi guda na kowanne, ka tambayi mai walda kuɗin aikinsa, ka sa su a shafi ɗaya gefe da gefe. Ɗalibin da ya zo da farashin makon nan, malamai kan saurare shi da wani kunne daban.

Tunda za ka kasuwar, ka tafi da ma'aunin kauri a aljihu. Na sha sayen angul da sunan milimita 5 in auna in ga 4. Da wannan kaɗai 4,270 ɗin nan ta koma wajen 3,500, ninki 3.2 ya zama 2.6, tun kafin a taɓa ƙarfen da wuta. In aka ce maka "me ya sa ba ka tsaya a ninki 1.5 ka rage kuɗi ba", ga amsarka: rarar da ka bari tana cin kaurin da ya gaza, waldar da ba ka tsaya a kanta ba, da tsatsar shekaru. Ka lissafo abin da take ci ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata da ke kayar da masu ƙoƙari ma: yaushe hasumiyar ta fi shiga haɗari, tanki cike ko babu ruwa? Bakinka zai yi saurin cewa cike. Ga ƙafafu haka ne, amma ga kifewa akasin haka ne. Ka ɗauki iskar hadarin farkon damina mai gudun mita 30 a daƙiƙa. Tana tura kowace murabba'in mita da kimanin kilo 55. Tankin da faɗinsa ya kai mita 1.8, tsayinsa 2, ko da yake kewayayye ne iska na zamewa a jikinsa, zai sha turi na wajen kilo 140, kuma a mita 7 daga ƙasa. Ninka su, kusan 1,000 ke neman kifar da ita. In hasumiyar da tankin wofi kilo 500 ne, faɗin gindinta mita 2, ka ninka nauyin da rabin faɗin, abin da ke riƙe ta 500 ne kacal. Iska ta yi rinjaye ninki biyu, ban ma sa turin da jikin ƙarafan ke sha ba. Ke nan ƙafafun da ke fuskantar iska tumɓuke su ake yi, ba danna su ba, kuma abin da zai hana shi ne nauyin kankaren fandisho da ƙusoshin da suka ɗaure ƙafar a cikinsa. Ka duba ko ka lissafa su. Gudun iskar da za ka yi aiki da shi kuma ka ɗauko na garin da za a kafa ta, talatin ɗin nan misali na ba ka.

Mita 6 ɗin ma za a iya tambayarka dalilinta. Kowace mita 10 ta tsawon ruwa tana ba da matsi kusan bar ɗaya, taka wajen 0.6 ke nan. Ka san famfo mafi nisa da mafi tsawo da ruwan zai kai, shi ne hujjarka. In mita 5 za ta wadatar, ka yarda da hakan a gabansu.

In ka sake lissafin ka ga tazarar tokararka mita 2 ce ko fiye, kar ka ɓoye ka yi fatan ba za a gani ba. Ka kai wa malamin da ke duba aikinka gobe, ku gyara zanen, ka sa tsohon lissafi da sabo a shafi guda. Turo min tazarar tokarar da faɗin gindin a nan, in duba maka da daddare in na taso daga wurin aiki.