Na goge karkarwa, sai ƙafa ta koma santsi da zabura: ina na yi kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wasan dambe na kwamfuta a manhajar Unity. Na ɗauki motsin abokina da kamarar waya, firem 60 a daƙiƙa, manhajar ɗaukar motsi ta ba ni fayil ɗin BVH, na shigar da shi manhajar Blender don in gyara. Jikin yana ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, sai na zaɓi duka ƙasusuwan na yi ta maimaita Smooth har ta lafa. Yanzu kuma ƙafafun suna santsi a ƙasa, naushin ya mutu, da na kulle ƙafa da IK, wato dabarar kafe ƙafa wuri ɗaya cinya da gwiwa su bi ta, sai gwiwa ta riƙa zabura. Saura mako biyu in nuna aikin. Ko sai na sayi rigar ɗaukar motsi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Adana kuɗinka, rigar ma tana da nata santsin. Fatana dai kana da ainihin fayil ɗin da ba ka taɓa ba, domin wanda ka goge ɗin nan ya riga ya tafi, can za mu koma mu faro.

Wannan ɗabi'a ta zaɓar kowane ƙashi a danna gogewa ita ce cutar da nake gani kusan kullum, kuma masu yaɗa ta su ne masu bidiyon minti uku da ke cewa ga yadda ake gyara motsi da dannawa ɗaya. Suna nuna maka daga ƙugu zuwa sama, kamara ba ta taɓa sauka kan ƙafa. Ka lura wata rana. Dalilin da ya sa abin ke ɓata aiki shi ne, a fayil ɗin BVH babu inda aka rubuta cewa ƙafa tana nan a ƙasa. Abin da aka rubuta shi ne wurin da ƙugu yake, sai juyawar cinya, da ta gwiwa, da ta idon sawu. Ƙafar tana tsayawa cik ne kawai saboda yayin da ƙugu ke tafiya gaba, cinya da gwiwa suna juyawa daidai gwargwadon da zai soke wannan tafiyar. Lissafi ne da ya daidaita tsakaninsu. Da ka goge kowane layi shi kaɗai, ka rage wa wannan kaɗan, ka jinkirta wancan kaɗan, sai daidaiton ya warware. Kuma ba sai kuskuren ya yi yawa ba. Idan tsawon ƙafa daga ƙugu zuwa ƙasa santimita 90 ne, kuskuren digiri 1 tak a cinya yana kawar da tafin ƙafa da kusan santimita 1.6. Digiri 3, kusan santimita 5 ke nan, kuma ido yana kama wannan nan take.

Naushin ma ta hanya ɗaya ya mutu. Gogewar da ka yi ta maimaitawa ba ta san bambanci tsakanin karkarwar kamara da saurin hannu ba, duk abin da ya yi tsini a layi sai ta daddanne shi. To ai naushi tsini ne. Hannu ya fita cikin 'yan firem, ya tsaya cak, kafaɗa ta girgiza. Dirar dunduniya a ƙasa ma haka, kuma ita ce ke sa mai kallo ya ji mutumin yana da nauyi. Ka shafe su duka, shi ya sa ɗan dambenka ya zama kamar mai iyo a ruwa.

Ga yadda zan bi da fayil ɗinka. Da farko ka bar shi a firem 60 ɗinsa har a gama gyara, kada ka rage shi zuwa 30 tukuna, kuma ka tabbata saurin firem na Blender ya yi daidai da na fayil ɗin. Sai ka buɗe Graph Editor ka duba layukan juyawa. Duk inda ka ga layi ya faɗo daga wajen 180 zuwa wajen -180 a firem ɗaya, wannan ba karkarwa ba ce, juyawa ɗaya ce aka rubuta ta fuska biyu. Discontinuity (Euler) Filter ke gyara ta, kuma tilas a yi shi kafin kowace tacewa. In ka tace kafin haka, manhajar za ta cike tsakanin lambobin biyu, ka ga hannu yana wulwulawa kamar fanka.

Bayan nan ka nemo tsinayen da ke su kaɗai, inda ƙashi ya yi tsalle na firem ɗaya zuwa uku ya dawo. Yawanci inda hannu ya kare ɗaya hannun ne, ko ƙafa ta ɓuya bayan 'yar'uwarta, kamara ta rasa ta. Waɗannan da hannu ake cire su: ka share ɗigogin firem ɗin, layin ya haɗe kansa daga bakin nan zuwa bakin can. In ka bar wa tacewa, ba ta cire tsinin, shimfiɗa shi take yi a kan firem goma. (In abokin naka da jallabiya ya yi ɗaukar, ka sake ɗauka da gajeren wando. Ba a gyara gwiwar da kamara ba ta taɓa gani ba.)

Sai yanzu ake tacewa, kuma da Butterworth Smooth, wanda ke cikin Graph Editor tun daga Blender 4.0. Shi kamar rariya ne da kai ke zaɓar girman idonta: motsin da ke ƙasa da Frequency Cutoff ya wuce, wanda ya fi shi sauri a tare. Masu nazarin tafiyar ɗan'adam sun daɗe suna yanka a wajen 6 Hz, wato sau 6 a daƙiƙa, ga tafiya ta yau da kullum. Dambe ya fi tafiya sauri, don haka ba lamba ɗaya za ka ba jiki duka ba. Ni nakan fara ƙugu, ƙashin baya da kai da 6, cinya da gwiwa da 8, hannaye da 10 zuwa 12, sannan in duba. Hanyar dubawar ita ce ka lura da ƙololuwar layin gwiwar hannu a firem ɗin da naushi ya sauka. In ƙololuwar ta ragu da fiye da digiri biyu ko uku bayan tacewa, ka yanka ƙasa da yawa, ka koma ka ɗaga lambar. 'Yar karkarwar da ta rage a hannu ka ƙyale ta, a cikin wasa ba mai ganinta.

Kafin ka kulle ƙafa, ɗora motsin kan ainihin ɗan wasan da zai fito a cikin Unity, ka tsaya ka kalli santsin. In kowane taku yana zamewa gefe ɗaya da tsawo kusan ɗaya, matsalar awo ce. A ce ƙafar abokinka santimita 90 ce, ta ɗan wasan 80. Abokinka yana cin santimita 140 daga dirar ƙafar hagu zuwa dirarta ta gaba, gajerun ƙafafun ɗan wasan kuwa wajen 124 za su iya ci. In ƙugu ya ci gaba da tafiyar 140, santimita 16 ɗin nan ƙafa ce za ta biya su da santsi. Ka ninka tafiyar ƙugu da 0.89, wato 80 a raba da 90, yawancin santsin zai ɓace kafin ka taɓa IK.

Mu ɗauki taku ɗaya. A tafiya, ƙafa tana shafe wajen kashi 60 cikin 100 na zagayen taku a ƙasa, wato kusan firem 40 a saurin fayil ɗinka. A ce dunduniyar hagu ta dira a firem 112, tafin ya kwanta a 118, dunduniya ta fara ɗagawa a 135, yatsu suka bar ƙasa a 150, kuma a tsakanin nan ƙafar ta zame santimita 4. Kuskuren da ake yi shi ne a kulle idon sawu tun daga 112 har 150. Idon sawu ba ya zama wuri ɗaya haka, tashi yake yi da zarar dunduniya ta ɗaga. Abin da ke zaune daram daga 118 zuwa 150 shi ne gindin yatsu, shi za ka kulle. Wurin kullewar kuma ka ɗauko shi daga tsakiyar takun, wajen firem 134, domin santimita 4 ɗin ya rabu biyu-biyu, rabi a shiga, rabi a fita. Sannan kada Influence, wato ƙarfin kullewar IK, ya tashi daga 0 zuwa 1 a firem ɗaya, wannan ita ce zaburar ƙafa da kanta. Ka hau da shi a hankali daga 114 zuwa 118, ka sauke daga 150 zuwa 156. Santimita 2 a firem huɗu rabin santimita ne a kowane firem, ido ba ya kamawa.

Zaburar gwiwa kuwa lissafinta daban ne, kuma duk wanda ya gane shi sau ɗaya ba ya mantawa. A ce cinya santimita 45 ce, ƙwauri ma 45. In tazarar ƙugu da idon sawu 90 ce, gwiwa a miƙe take sak. In ta ragu zuwa 89, santimita 1 kacal, gwiwa ta lanƙwashe da digiri 17. Amma in mutum yana a ɗan durƙushe, tazarar ta sauka daga 70 zuwa 69, digiri 2 kawai gwiwar za ta motsa. Ka ga ke nan kusa da miƙewa ne IK ke haukacewa: 'yar karkarwar ƙugu ta rabin santimita sai ta zama fizgar digiri 12 a gwiwa. Maganin ba a gwiwar yake ba. Ka sauke ƙugu da santimita 1 zuwa 2 a waɗannan firem ɗin, a hankali, yadda tazarar ba za ta wuce 88 ba. Ka kuma sa Pole Target, wato abin da gwiwa za ta riƙa fuskanta, a gaban gwiwa, ya riƙa bin inda tafin ƙafa ya fuskanta, don kada gwiwar ta riƙa leƙe hagu da dama. Sa'arka ɗaya, ɗan dambe yawanci a ɗan durƙushe yake tsayawa, don haka a takun shigowa fage ne za ka fi shan wannan wahalar.

Da ka gamsu, ka yi Bake Action da Visual Keying a kan kowane firem, sannan in kana son firem 30 ka rage yanzu. Wajen fitar da fayil ɗin FBX da za ka kai Unity ka mayar da Simplify zuwa 0, in ba haka ba Blender zai zubar da wasu ɗigogin da ka sha wuya a kansu. Unity ma yana da nasa matsewar: a shafin Animation na fayil ɗin, Rotation Error yana zuwa a 0.5, kuma rabin digiri a ƙafa mai santimita 90 ya kusa santimita 0.8. Ka sa Anim. Compression a Off ka kalli ƙafar daga gefe, kamara dab da ƙasa. In ta tsaya daram a haka, gyaranka ya yi, sai ka mayar da matsewar kana rage Rotation Error, ka gwada 0.1, har santsin ya daina dawowa.