Ramin da ya ƙi zama a tsakiya

Tambaya: Na zana farantin ƙarfe a SolidWorks, milimita 120 da 80, da ramin noti a tsakiya. Da na mayar da 120 zuwa 150 sai ramin ya koma gefe. A ƙasa an rubuta Under Defined, alhali na sa awo uku. Me ya rage? Ɗalibin injiniya ne ni daga Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, manhajar ba ta san ramin na tsakiya ba ne. Idonka ne ya ajiye shi a can, ita kuwa abin da aka ɗaure kawai take riƙewa. Duk abin da ka bari sake, ita za ta zaɓa masa wuri ranar da ka taɓa wani awo, kuma duk abin da ka gina a kan zanen zai bi shi ya karkace, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba.

Mu ƙirga. Murabba'in da ka ja da Corner Rectangle yana da hanyoyin motsi 4: tsawo, faɗi, matsawa gefe, matsawa sama ko ƙasa. Da'ira tana da 3: girmanta, da wurin cibiyarta ta fuska biyu. Jimilla 7. Idan awonka uku su ne 120, 80 da girman rami, saura 4. Haɗa kusurwa ɗaya da Origin, wato ɗigon tushen zanen da ba ya motsi, ta hanyar Coincident, biyu sun tafi. Biyun ƙarshe na cibiyar ramin ne.

A nan ake yawan zamewa. Idan ka sa 60 da 40 daga gefuna, zanen zai yi baƙi, ya nuna Fully Defined, amma a 150 ramin zai ci gaba da zama a 60. Ja Centerline daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka ɗaure cibiyar da'irar da Midpoint ɗinsa. Daga nan kowane tsawo ka ba farantin, ramin na tsakiya.

Wajen neman ɗaurin da ya ɓace, launi ne jagora: shuɗi sake yake, baƙi a ɗaure. Kama shuɗin da linzami ka ja. Inda ya tafi, can ne ba a ɗaure ba. Sai ka danna Ctrl+Z ya koma yadda yake. Idan da'ira ta kumbura, awon girma ne babu. Idan zanen gaba ɗaya ya taso, Origin ne.

Mai wahalar shi ne layuka duk baƙaƙe amma rubutun Under Defined bai sauya ba. To duba ɗigogin ƙarshen layi, don layi kan yi baƙi bakinsa na shuɗi, musamman Centerline. Zuƙo kusurwoyi sosai: wani lokaci ɗigo biyu ne suka hau juna ba a haɗa su ba, ko wani guntun layi ya maƙale ƙarƙashin babba.

Fix kuwa ban ba ka shawara ba. Zai baƙanta zanen nan take, amma ya ƙusance shi wuri guda, ranar da ka zo sauya awo sai ya yi maka ja da Over Defined.